Competitive salary da self-starter: me masu tallar aiki ke nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama bautar ƙasa wata biyar ke nan, ina ta neman aiki. Kusan duk tallar da na buɗe sai in ga an rubuta competitive salary, self-starter, ability to work under pressure da irinsu. Na san ma'anar kalmomin, amma ban gane abin da ake nufi da su ba. Wata tallar jami'in sayar da kaya a Kano ta haɗa su duka, kuma an kira ni intabiyu mako mai zuwa. Me zan sa rai?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari mu fara da kuɗi, don a nan ne aka fi yin kuka bayan an sa hannu.

Competitive salary ba adadi ba ne, kuma babu wata doka da ta ɗaure wanda ya rubuta shi. A zahiri cewa yake albashin nan zai iya gogayya da abin da sauran kamfanoni ke biya a irin wannan aiki. To amma wane ne ya zaɓi kamfanonin da aka kwatanta da su? Mai tallar. Dila mai ma'aikata ashirin a kasuwar Singa zai iya rubuta shi, banki ma zai iya rubuta shi, kowa yana auna kansa da maƙwabcinsa. Abin da kalmar ke tabbatar maka guda ɗaya ne: akwai adadi a rubuce a ofis, an yi kasafinsa tun kafin a fitar da tallar, amma an zaɓi kada ka gan shi.

Dalilan ɓoyewar sun bambanta, kuma ba duka ne na mugunta ba. Wani kamfanin yana da tsofaffin ma'aikata da suka shekara huɗu a kan albashin da hauhawar farashi ta cinye, yanzu ba zai sami sabon mutum a wannan kuɗin ba, kuma idan ya buga sabon adadi a fili gobe ofis zai kama da wuta. Wani kuma bai so abokan hamayyarsa su san abin da yake biya. Na uku, wanda ya fi shafarka, yana so kai ka fara faɗin farashinka. Idan kasafinsa naira 250,000 ne ka ce 150,000 ta ishe ka, da wuya ya gyara maka. Alamar wannan na ukun ita ce fom ɗin neman aikin yana da gurbin Expected salary da ba a tsallakewa, alhali tallar ba ta faɗi ko sisi ba.

Ƙannen wannan kalma suna da yawa, kuma akwai ɗan bambanci a tsakaninsu. Commensurate with experience yawanci yana nufin akwai matakai biyu ko uku, kuma shekarunka na aiki ne za su nuna inda za a ajiye ka. Ga wanda ya fito daga bautar ƙasa, matakin ƙasa ke nan. Negotiable yana nufin akwai tazara tsakanin abin da za su fara tayawa da iyakar da ba za su wuce ba. Attractive kuwa romon baka ne kawai, babu abin da za ka ciro daga cikinsa. Wuraren da ke da tsarin albashi a rubuce ba su cika buƙatar waɗannan kalmomin ba. Aikin gwamnatin tarayya zai ce maka GL 08, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya su ce NOA ko G5, ka je ka duba jadawalin da kanka.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Mu ɗauka a intabiyun sun ce maka "package ɗinmu naira miliyan 3.6 ne a shekara". Kai kuma a zuci ka raba gida 12, ka ga 300,000, ka fara lissafin haya da ɗinki. Kalmar package ko total compensation tana nufin duk abin da kamfanin zai kashe a kanka, ba abin da zai shiga asusunka ba. Ga yadda irin wannan adadi ke iya rarrabuwa, a matsayin misali. Albashin wata kafin a cire komai, wato gross, 250,000 ne, wanda ya kama miliyan 3 a shekara. Sauran 600,000 ɗin sun haɗa da kason kamfani na fansho 240,000, alawus na hutun shekara 150,000, albashin wata na 13 da ake biya a Disamba 120,000, da inshorar lafiya 90,000. Duk gaskiya ne, duk amfaninka ne, amma ko ɗaya ba ya cikin alat ɗin da za ka riƙa gani duk ƙarshen wata.

Daga 250,000 ɗin ma akwai yanka. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci zai ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aiki ya ba da aƙalla kashi 10, kuma ana lissafin ne a kan albashin tushe da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kai 200,000 a cikin albashinka, za a cire maka 16,000 duk wata. Sai haraji. A tsarin da ya fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kuma ana ɗaukar kashi 15. Miliyan 3 ɗinka, idan an cire fanshon shekara 192,000, saura 2,808,000. Cire 800,000, saura 2,008,000. Kashi 15 na wannan shi ne 301,200 a shekara, wato 25,100 a wata. Abin da zai shigo hannunka, wanda ake kira net, kusan 208,900 ke nan. Ka shiga ɗakin da 300,000 a ka, ka fito da abin da bai kai 210,000 ba, kuma babu wanda ya yi maka ƙarya. Akwai ɗan sauƙi ga mai biyan haya, domin ana cire kashi 20 na kuɗin hayar shekara daga abin da za a yi wa haraji, har zuwa iyakar 500,000. Idan hayarka 400,000 ce, sauƙin zai dawo maka da kusan 1,000 a wata. Ba yawa, amma sai ka kai shaidar biyan hayar kafin a lissafa maka.

Don haka idan aka ambaci kowane adadi, tambayarka ta farko ita ce: wannan na wata ne ko na shekara, kuma kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Ta biyu: a cikinsa nawa ne tabbatacce duk wata, nawa ne ya dogara da cika sharaɗi? Ba rashin kunya ba ne. Ma'aikacin sashen ɗaukar aiki da ya san aikinsa yana da amsar a takarda a gabansa.

Idan su suka riga ka tambaya, suka ce nawa kake so, ka fara da neman su faɗi tazarar da suka ware wa gurbin. Wasu za su faɗa. Idan sun ƙi, ka ba da tazara, ba adadi ɗaya ba, ka kuma fayyace wane iri kake nufi. Ƙasan tazarar ya zama abin da za ka karɓa da zuciya ɗaya, domin sau da yawa a nan za a tsaya. Kafin ranar ka tambayi mutum biyu ko uku masu irin wannan aiki a garin. Kada ka ce "nawa kake ɗauka", mutane ba sa son wannan. Ka ce "nawa ake fara biyan sabon shiga a wajenku". Shafuka irin su Glassdoor suna taimakawa, amma alƙalumansu na Najeriya sukan tsufa da sauri kuma sun fi karkata Legas. Ka kuma yi lissafin ta baya. Idan abin da kake buƙata a hannu 250,000 ne, to gross ɗin da za ka nema ya haura 300,000 kaɗan, don a irin tsarin da muka yi a sama 300,000 tana komawa kusan 248,000.

Tunda aikin na sayar da kaya ne, ka sake duba tallar ko akwai target-driven, uncapped commission ko earn up to. Waɗannan su ne ke nuna cewa babban kason kuɗin kamasho ne. A ce an rubuta earn up to 400,000, a intabiyu kuma ka gano tabbataccen albashi 60,000 ne, sauran kamashon kashi 1 cikin 100 na abin da ka sayar. Kafin ka sami 340,000 na kamasho sai ka sayar da kayan miliyan 34 a wata. Idan katan ɗaya 17,000 ne, katan 2,000 ke nan, kusan katan 77 kullum a ranakun aiki 26. Tsohon hannu mai manyan diloli a Singa da Sabon Gari zai iya. Sabon shiga da aka ba shi unguwannin da ba a san kayan ba, da wuya. Kalmar up to tana bayyana abin da gwanin gwanaye ya taɓa samu a wata mafi kyau, ko ma abin da lissafi ya ce zai yiwu ko da ba wanda ya taɓa kaiwa. Tambayar da ke fasa ƙwan ita ce: a wata uku da suka wuce, nawa matsakaicin jami'i ya tafi da shi gida, kuma mutum nawa cikin tawagar suka cika adadin da aka ɗora musu?

Sharuɗɗan kamashon sun fi kason muhimmanci. Wasu kamfanoni ba sa fara lissafa maka sai ka kai wani kaso na adadin watan, a ce kashi 70. Ka tsaya a 65, ka tashi da albashin tushe kawai. Da yawa suna biya a kan kuɗin da aka karɓo ne, ba a kan kayan da aka sauke ba, don haka idan mai kanti ya karɓi kaya bashi ya yi wata biyu bai biya ba, kamashonka yana jiransa. Mafi muni shi ne inda ake cire bashin da ya maƙale daga albashin jami'in da ya kai kayan, kuma shi ya sa ake neman masu tsaya maka biyu kafin ka fara. Wanda zai tsaya maka ya karanta abin da yake sa wa hannu, don zumunci ya sha lalacewa a kan wannan takarda. Ka kuma sani cewa mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan kowa ba: dokar ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin da ake biya ta kamasho ko gwargwadon abin da suka yi. Saboda haka albashin tushe na 60,000 a ƙaramin dila ba lallai ne ya saɓa doka ba, ko da ya saɓa wa aljihunka.

Sai self-starter. Ma'anarsa ta gaskiya mai kyau ce: mutumin da ba sai an tsaya a kansa ba, wanda zai ga abin da ya kamata a yi ya yi. Babu mai aikin da ba ya son haka. Amma a talla, kalmar takan ba da labarin kamfanin fiye da yadda take bayyana wanda ake nema. Tana cewa a nan babu mai lokacin koya maka. Wani lokaci don shugabanka yana Legas kai kana Kano, za ku riƙa magana ta waya sau ɗaya a mako. Wani lokaci gurbin sabo ne, ba wanda ya taɓa riƙe shi, ba jerin kwastomomi, ba tsarin rahoto, kai za ka ƙirƙira. Wani lokaci kuma wanda ya riƙe shi ya tafi ba tare da miƙa komai ba, lambobin kwastomomin suna cikin wayarsa.

Waɗannan yanayi uku ba ɗaya ba ne, kuma tambayoyi kaɗan za su raba maka su. Wa zan riƙa kai wa rahoto, kuma yana ina? Gurbin sabo ne ko wani ya bari, kuma shekara nawa ya yi? Me kuke so ku gani a hannuna bayan wata uku? Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce ma'auni. Idan aka ce maka "muna so ka buɗe shaguna 40 a Hotoro da Tarauni, makon farko za ka bi tsohon jami'i, ga babur, ga kuɗin mai", wannan kamfani ya san abin da yake so, kuma 'yancin da zai ba ka na gaske ne. Idan aka ce "ai shi ya sa muke neman self-starter, kai za ka gaya mana", to ba su yanke shawarar mene ne aikin ba, kuma ranar da ciniki ya ƙi, kai ne za a ce ba ka yi ba.

Abin da ke lalacewa a irin wannan gurbi kusan kullum ɗaya ne: an ba ka nauyi ba a ba ka iko ba. An ce ka nemo kwastomomi da dabararka, amma ba ka da izinin rage naira 200 a katan, ba ka da izinin ba da kaya bashi ko na kwana uku, kuma kowace buƙata sai ta jira sa hannun mai kamfani da ke tafiya. Mai kanti ba zai jira ba, motar wani kamfanin tana bayanka. Don haka ka tambayi abin da za ka iya yankewa da kanka da abin da sai an nemi izini, da kuma kwana nawa izinin ke ɗauka. Ka tambayi wanda ke biyan sufuri da katin waya da data. Jami'in da ke yawo a kasuwa zai iya kashe 3,000 a rana cikin sauƙi, wato 78,000 a ranaku 26. Cire wannan daga 208,900 ɗin nan, ka ga ainihin albashin.

A naka ɓangaren, kada ka rubuta I am a self-starter a CV. Kowa yana rubutawa, mai tantancewa ba ya ma ganinsa. Abin da ke aiki shi ne jimla ɗaya da ta nuna ka taɓa fara wani abu ba a sa ka ba: abin da ka tarar, abin da ka yi, da abin da ya canza, da alƙalami idan akwai. Shekarar bautar ƙasa ta isa ta ba ka wannan. Wanda ya tarar da rajistar ɗalibai a warwatse a littattafai ya mayar da ita Excel, ko wanda ya riƙe shagon gidansu ya fara rubuta bashi da ranar biya, yana da amsar da ta fi ta mai haddace ma'anar kalma. A intabiyu ma haka za a tambaye ka, a ce ba mu labarin lokacin da ka yi wani abu ba tare da an umarce ka ba. Ka shirya labari ɗaya na gaskiya wanda ba zai wuce minti biyu ba.

Ability to work under pressure da fast-paced environment magana ce ta lokaci da yawan hannu. A wasu ayyuka matsin yana da kaka: akanta a ƙarshen wata, mai sayar da kayan masarufi gab da azumi da salla. Wannan ana iya shirya masa. A wasu wuraren kuwa ma'anarsa aikin mutum uku ne aka ɗora wa ɗaya, duk shekara. Flexible ma ka karanta shi da kyau. Flexible working hours na iya nufin kai ke zaɓar lokacinka, amma must be flexible yana nufin su ne za su zaɓa maka, har da Asabar da dare. Ka tambaya kai tsaye: ƙarfe nawa ake tashi a ranar da aka saba, ana aiki Asabar, kuma ana biyan ƙarin lokaci ko ana ba da hutu a madadinsa? Idan akwai hali, ka wuce ta gaban ofishin da misalin bakwai na yamma ka ga ko fitilu na kunne. Maganar sallar Juma'a ma a nan ake yin ta, kafin sa hannu, musamman idan hedikwatar kamfanin ba a Arewa take ba.

Any other duties as assigned kusan kowace talla tana da shi, shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Yana zama matsala idan jerin ayyukan da ke samansa ya riga ya haɗa sana'o'i daban-daban, a ce sayar da kaya, karɓo bashi, kula da sito da tafiyar da shafin sada zumunta, duk a kan albashi ɗaya.

Duk abin da aka faɗa maka da baki a ɗakin intabiyu, ka neme shi a takardar tayin aiki kafin ka amsa, ba a cinikin biri a sama. Takardar ta nuna gross na wata da yadda ya rarrabu, tsarin kamasho da sharuɗɗansa, tsawon lokacin gwaji da ko albashinsa ya bambanta, kwanakin hutu, da wa'adin sanarwar barin aiki. Ka duba sunan da ke saman takardar. Idan ba na kamfanin da ya yi maka intabiyu ba ne, to ta hannun kamfanin samar da ma'aikata aka ɗauke ka, kuma alawus da ƙarin girman da ma'aikatan dindindin ke samu ba lallai su shafe ka ba. Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, kuma ta sa mafi ƙarancin hutun shekara kwana shida na aiki bayan wata 12. Sai dai dokar ta fi kare leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru sun fi dogara da abin da kwantiraginsu ya ce, kuma shi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta fara dubawa idan rigima ta kai can. Alƙawarin "za a duba albashinka bayan an tabbatar da kai" ya zo da wata da adadi, ko aƙalla da kaso. Idan suka ce a fara aiki takarda za ta biyo baya, ka nemi ko saƙon imel ne mai ɗauke da adadin da ranar farawa, kuma neman kwana biyu don ka karanta tayin abu ne da aka saba.